Yadda mai zane zai rubuta wa kwamitin makaranta takardar shawarar samfurin haruffa

Masu aikin zane sun sha tambayar abu ɗaya: makaranta ta ba su aikin sabon littafin bayaninta, wanda ake miƙa wa iyaye lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, kwamiti ya ce a kawo masa shawara a rubuce kan irin haruffan da za a buga shi da su, to me za a rubuta, kuma da wane tsari? Takardar gajera ce, ba ta cika shafi ɗaya ba. Amma mafi yawan aikin yana gaban rubuta ta, domin kowace jimla a cikinta dole ta tsaya a kan abin da aka gwada aka gani a takarda. 'Yan kwamiti malamai ne da iyaye da ma'aji, ba masu zane ba, kuma abin da suke so shi ne a ba su suna ɗaya da dalilin da za su iya tabbatarwa da idonsu, su amince a wuce zuwa batu na gaba.

Misalin da za a bi a nan makaranta ce mai firamare da sakandare da sashen Islamiyya. Littafinta girman A5 ne, wato milimita 148 da 210, shafi 16, da Turanci da Hausa, akwai jadawalin kuɗin makaranta, akwai kuma layi biyu ko uku na Larabci. Za a buga kwafi 500, a kuma tura shi ta waya.

## 1. Karɓi ainihin rubutun kafin ka taɓa haruffa

Ka nemi sakataren kwamiti ya ba ka rubutun littafin, ko da bai gama gyaruwa ba. Idan sabon bai samu ba, karɓi tsohon littafin. Abubuwa huɗu kake nema a ciki: saƙon shugaban makaranta, domin shi ne rubutu mafi tsawo; jadawalin kuɗi; jerin sunayen malamai ko 'yan kwamitin amintattu; da duk wani layi da ba da haruffan boko aka rubuta shi ba.

A wannan zaman kuma ka tambayi girman littafin, yawan shafukan da aka yi wa kasafi, da maɗaba'ar da za ta buga. Tambayi ko wane ne zai riƙa gyara jadawalin kuɗi a shekara mai zuwa, kai ko sakataren makaranta a kwamfutar ofis. Amsar wannan tana canza shawarar, kamar yadda za a gani a mataki na 4.

Gargaɗi: kada ka yi gwaji da rubutun cike gurbi da manhajojin zane suke zubawa da kansu. Babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa, babu alamar naira, don haka duk samfurin haruffa, wato font, da ka sa masa zai fito lafiya lau, matsalar kuma ta ɓuya har ranar bugu.

## 2. Tankaɗe da haruffa masu lanƙwasa

Wannan shi ne matakin da ke zubar da mafi yawan samfuran da ake sha'awa, don haka a yi shi da wuri kafin zuciya ta kwanta a kan wani. Buɗe sabon shafi ka rubuta layin gwaji kamar wannan:

```
Ɓ ɓ  Ɗ ɗ  Ƙ ƙ  Ƴ ƴ  'y  ₦
Ƙaramar sakandare, ɗalibai, ɓangaren Islamiyya, 'ya'ya
0123456789  ₦45,000  Il1  O0
```

Idan allon rubutunka ba shi da waɗannan haruffa, a Word na Windows kana iya rubuta lambar harafin ka danna Alt+X nan take, sai ta rikiɗe. Lambar ƙ ita ce 0199, ta Ƙ 0198, ta ɗ 0257, ta Ɗ 018A, ta ɓ 0253, ta Ɓ 0181, alamar naira kuwa 20A6. Makarantar da ke Nijar tana buƙatar ƴ da Ƴ, lambobinsu 01B4 da 01B3, domin can da su ake rubutu, a Najeriya kuma 'y aka saba.

Sa layin a cikin kowane samfuri, ka ƙara girmansa sosai, ka duba. Idan ka ga akwatin banza a gurbin harafi, magana ta ƙare, samfurin ba shi da shi. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne lokacin da babu akwati. Word da wasu manhajoji sukan aro harafin da ya ɓace daga wani samfuri daban su cusa shi ba tare da sun sanar da kai ba. Za ka gane haka idan ƙ ta fi maƙwabtanta siranta ko kauri, ko ta ɗan fi su tsayi, ko kuma ta zo da 'yan ƙafafu alhali sauran ba su da su. A Word, ka zaɓi harafin shi kaɗai ka dubi sunan da ya fito a akwatin samfuri. Idan ya bambanta da na sauran kalmar, aro aka yi. A fuskar kwamfuta wannan ba ya damun mutum sosai, amma a shafin da kalmar ɗalibai ta fito sau goma, ido yana tuntuɓe sau goma.

Ka maimaita gwajin a nau'i huɗu: na yau da kullum, mai kauri, mai karkata, da mai kauri mai karkata. Akan samu samfurin da ke da ƙ a nau'in yau da kullum amma babu ita a mai kauri, kuma kanun labarai da mai kauri ake yinsu. Manyan baƙaƙen su ma a duba su da kyau, domin Ƙ da Ɗ ne ke buɗe sunaye da kanun shafi.

Samfuran da aka san suna ɗauke da haruffan Hausa cikakku sun haɗa da Charis, wanda a wasu wurare za ka gan shi da sunan Charis SIL, da Andika, da Gentium, dukkansu na ƙungiyar SIL, sai Noto Sans da Noto Serif na Google. Ko da su ma ka yi gwajin, domin tsohon fayil da ya daɗe yana yawo a filasha ba lallai ya yi daidai da wanda ke shafin masu shi ba.

Gargaɗi: kada ka yarda da dabarar zana wa k ƙugiya da hannu, ko rubuta k' da d' a madadinsu. Ta farko tana rushewa da zarar an gyara kalma ɗaya layi ya motsa. Ta biyu kuma, a littafin makarantar da ke koyar da Hausa, malamin Hausa ne zai fara ganinta.

## 3. Dubi lambobi da Larabci

Shafin da iyaye suka fi daɗewa a kansa shi ne jadawalin kuɗi. Rubuta 1111 a layi ɗaya, 8888 a ƙarƙashinsa, ka jera su ta hannun dama. Idan faɗinsu ya zo ɗaya, lambobin za su tsaya a kan juna a jadawali, dubu a kan dubu, ɗari a kan ɗari. Idan 1111 ta fi gajarta, jadawalin zai fito a karkace. Wasu samfuran suna da nau'in lambobi biyu, kuma ana canzawa a cikin zaɓin OpenType na manhajar, inda ake ganin Tabular Lining a InDesign. Amma idan sakatare ne zai riƙa gyara jadawalin, gara samfurin da lambobinsa suke daidai tun asali ba sai an taɓa komai ba. Dubi kuma 1 da l da I, da 0 da O, musamman saboda lambar asusun banki da adireshin imel na makaranta.

Larabcin yana buƙatar nasa samfurin daban, kuma dole sunansa ya shiga takardar. Amiri, Scheherazade New da Noto Naskh Arabic duk suna ɗaukar wasula. Idan makaranta tana son layin ya yi kama da rubutun allo da aka saba a Kano, akwai Alkalami na SIL, wanda aka yi shi a kan wannan salon. Rubutun Larabci yakan yi ƙanƙanta idan aka ba shi girma ɗaya da boko, sai a ɗaga shi har su daidaita a ido.

Gargaɗi: ka ba malamin Larabci na makarantar layin a buge a takarda ya karanta kafin ka ambace shi a shawara. Wasu manhajojin zane suna raba haruffan Larabci ko su juya su baya idan ba a kunna musu rubutun dama zuwa hagu ba, kuma wanda bai karanta Larabci ba zai iya kallon hakan bai ga komai ba. Idan aya ce ko hadisi, kuskuren wasali ɗaya ya isa a janye littafin gaba ɗaya.

## 4. Lasisi da kuɗi

Duk samfuran da aka ambata a sama suna ƙarƙashin lasisin SIL Open Font License. Ma'anarsa a aikace: kyauta ne, ana iya buga littafi da su, a saka su cikin PDF, a ba maɗaba'a da ofishin makaranta kwafinsu. Abin da aka hana shi ne sayar da fayil ɗin samfurin shi kaɗai. Wannan ne ya sa suka dace da makarantar da sakatarenta zai gyara littafin baɗi.

Samfurin sayarwa kuma galibi ana biyan lasisinsa ne bisa yawan kwamfutocin da za a sa shi. Idan irinsa kake ba da shawara, ka rubuta farashin kamar yadda yake a shafin mai sayarwa ranar da ka duba, da kuɗin ƙasar da aka rubuta shi, ka faɗi kwamfuta nawa ya ƙunsa, da wanda zai biya. Samfuran da ke zuwa tare da rajistar wata-wata ta manhajar zane suna aiki ne muddin rajistar tana raye, kuma ba a kwafe su a ba wani. Wanda aka samo daga tarin dubban samfura da ake tura wa juna, ba a san lasisinsa ba, kada sunansa ya shiga takardar da za ka sa wa hannu.

Akwai kuɗin da ba na lasisi ba, kuma shi ma'aji ya fi kula da shi. Littafin da ake naɗewa a ɗinke da waya a tsakiya, shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya: 12, 16, 20. Kowace takardar A4 da aka naɗe biyu tana ba da shafi huɗu na A5. Littafi mai shafi 16 takarda 4 ke nan, kwafi 500 kuma takarda 2,000. Idan samfurin da ka zaɓa mai faɗi ne har rubutu ya tsallaka shafi na 17, an koma shafi 20, takarda 2,500, ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka ba za ka iya cewa komai kan kuɗi ba sai ka zuba dukkan rubutun ka ga inda ya tsaya.

## 5. Buga gwaji a ainihin girma

Zuwa yanzu bai kamata ya rage maka fiye da samfuri biyu ko uku ba. Tsara shafi guda biyu da kowannensu, shafin saƙon shugaba da shafin jadawalin kuɗi, rubutu ɗaya, hoto ɗaya, gefe ɗaya, ta yadda haruffa ne kaɗai suka bambanta.

Ga ma'aunin farawa na A5. Bar milimita 18 ta wajen ɗinki, 15 ta waje, sai faɗin rubutu ya zama milimita 115. Sa Charis a girman 10.5 pt da tazarar layi 14 pt. Layi zai ɗauki harafi sittin da wani abu, wanda yake cikin iyakar da ido ke bi ba wahala, tsakanin 45 da 75. Idan ka bar milimita 20 sama da ƙasa, shafi zai ɗauki layi 34. Girman da ke rubuce a akwati ba ya nufin abu ɗaya a kowane samfuri: Noto Sans a 10 pt yakan cika ido kamar wani samfurin a 11. Don haka ka daidaita su da ido a takarda, kada ka ba su lamba ɗaya ka ce an yi adalci.

Hausa tana son tazarar layi ta ɗan saki, domin ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ duk a sama suke, kuma idan layuka sun matsu sai su riƙa gogar wutsiyar y da g na layin da ke bisansu. Shafin da aka raba rubutunsa gida biyu gefe da gefe, Turanci da Hausa, kada a daidaita shi ta gefe biyu, domin layin gajere ne kuma zai buɗe ramuka tsakanin kalmomi. A jera shi ta hagu kawai, a kuma kashe yanke kalma na kai tsaye a ɓangaren Hausa, tunda manhajar da ƙa'idar Turanci za ta yanka.

Lokacin bugawa zaɓi Actual size ko 100%. Idan ka bari a kan Fit, firinta zai faɗaɗa A5 ya cika A4, haruffan su fito da girman da ba shi za a buga ba, kwamiti kuma ya amince da abin da ba zai samu ba. Yanke takardar zuwa girman littafin. In da hali, roƙi maɗaba'a ta fitar maka da shafi ɗaya a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, domin takarda mai sheƙi tana sa siraran layuka su ƙara siranta, marar sheƙi kuma tana ɗan shan tawada su yi kauri.

Sannan ka wahalar da gwajin yadda rayuwa za ta wahalar da littafin. Yi fotokwafin shafin jadawali, ka sake yin fotokwafin fotokwafin, domin haka ofishin makaranta zai yi idan kwafi sun ƙare. Dubi waƙafin da ke cikin 45,000 da sandunan alamar naira, ka ga ko suna nan. Tura PDF ɗin zuwa waya ka buɗe ba tare da ka faɗaɗa ba. Miƙa takardar ga mutum mai shekaru da ke sa tabarau, ka ce ya karanta maka sakin layi ɗaya da ƙarfi, ka lura da inda ya tsaya ko ya matso da ita kusa da fuska. Charis yakan tsaya da kyau a irin wannan gwaji, domin an gina shi a kan Charter, samfurin da Matthew Carter ya zana a 1987 don firintocin da ba su da kaifin bugu, shi ya sa ƙafafunsa suke da ƙwari kuma ba shi da siraran layuka masu ɓacewa.

Gargaɗi: farin rubutu ƙarami a kan launin makaranta, kore ko shuɗi, shi ne ya fi lalacewa a maɗaba'a. Launin ana haɗa shi da tawada biyu ko uku, kuma idan faranti ɗaya ya goce kaɗan sai ya cinye gefen haruffan. Idan za a yi shi, a yi da mai kauri, a kuma gwada shi yanzu.

## 6. Yanke shawara ɗaya

Takardar shawara ce, don haka suna ɗaya za ta ɗauka na jikin rubutu, ɗaya na kanu idan ya bambanta, da na Larabci. A misalinmu: Charis a jiki, Noto Sans mai kauri a kanu da jadawali, Scheherazade New a Larabci. Idan ka jera wa kwamiti samfuri biyar ka ce su zaɓa, ka mayar musu da aikin da suka ɗauke ka dominsa, kuma zaman zai ƙare a kan wanda ya fi burge mai babbar murya. Kana iya ambaton na biyu a jimla ɗaya, da dalilin da ya sa ka ajiye shi, don su san an auna. Andika, alal misali, an yi shi ne don masu koyon karatu, harafin a da g nasa irin wanda yaro ke rubutawa a aji ne. Ya dace da littafin makarantar da nazare da firamare ce zalla, amma a nan masu karatun iyaye ne kuma akwai sakandare.

## 7. Rubuta takardar

Tsarinta shi ne: shawarar a jimlar farko bayan gaisuwa, dalilai uku, kuɗi, abin da ba zai canza ba, sai abin da kake so su yi da ranar da kake so. Kalma ɗari biyu zuwa ɗari biyu da hamsin sun isa. Ga yadda za ta kasance:

> Zuwa ga Shugaban Kwamitin Littafin Bayanin Makaranta
>
> Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.
>
> Shawara kan haruffan sabon littafin makaranta
>
> Ina ba da shawarar a buga jikin littafin da samfurin haruffa mai suna Charis, kanun shafuka da jadawalin kuɗi da Noto Sans, layukan Larabci kuma da Scheherazade New. Na haɗo shafi biyu da aka buga a ainihin girman littafin.
>
> Dalilaina uku ne. Na farko, Charis da Noto Sans suna da ƙ, ɗ, ɓ da manyansu da alamar naira, don haka ɓangaren Hausa da sunayen malamai za su fito daidai. Na ja layi ƙarƙashinsu a shafi na ɗaya. Na biyu, lambobin jadawalin kuɗi suna tsayawa a kan juna, kuma sun karantu ko bayan fotokwafi sau biyu. Kwafin yana haɗe. Na uku, dukkan rubutun da aka ba ni ya shiga shafi 16 da aka yi wa kasafi.
>
> Samfuran uku kyauta ne, lasisinsu ya yarda a buga da su a kuma sa su a kwamfutar ofis, don sakatare ya iya gyara jadawalin baɗi. Na gwada Andika ma, ya karantu sosai, amma ya fi dacewa da littafin yara.
>
> Tambarin makaranta da rubutun da ke jikinsa da launukanta ba za a taɓa su ba. Malamin Larabci ya duba layukan Larabcin.
>
> Ina roƙon kwamiti ya amince a zamansa na ranar Laraba, domin in fara tsara shafuka washegari. Canza haruffa bayan an tsara zai sa a sake aikin kowane shafi.
>
> Na gode, Allah ya ƙara girma.

Idan shugabar mace ce, ranki ya daɗe, ko Hajiya ko Malama kamar yadda ake kiranta a makarantar. Idan da Turanci kwamitin ke gudanar da takardunsa, tsarin bai canza ba.

Lura da yadda kowane dalili yake nuna wani abu da ke hannun mai karatu: layin da aka ja, kwafin da aka haɗo, yawan shafi. Kalmomi irin su na zamani, mai aji, mai ɗaukar ido ba su da wurin zama a nan, domin duk wanda ke zaune a teburin yana da nasa ra'ayin kan abin da ke da aji, kuma ba ka da hanyar rinjayarsa. Amma ba wanda zai yi gardama da ƙ da ta fito daidai. Kalmomin sana'a ma a bar su a shago. Maimakon sunan nau'in lambobi, ka ce suna tsayawa a kan juna. Maimakon sunan rukunin samfurin, ka ce mai 'yan ƙafafu ko marar su, in ma ya zama dole a faɗa.

Jimlar tambari tana da muhimmanci fiye da tsawonta. Da yawa daga 'yan kwamiti idan suka ji za a canza rubutu, tunaninsu yana tafiya ga bajen da ke rigar yara da allon bakin ƙofa, kuma idan ba a kwantar musu da hankali a rubuce ba, a nan zaman zai tsaya.

Gargaɗi: kada ka rubuta abin da ba ka yi ba. Idan malamin Larabci bai gani ba tukuna, ka ce za a kai masa. Idan rabin rubutun kawai aka ba ka, ka ce lissafin shafi 16 ya dogara ga sauran kada ya wuce na tsohon littafi. Kada kuma ka kushe tsohon littafin, domin sau da yawa wanda ya tsara shi ko ya amince da shi yana cikin kwamitin. Idan akwai aibi a cikinsa da sabon zai gyara, ka faɗi gyaran kawai.

Ita kanta takardar ka buga ta da Charis, a girman 11 pt, ta zama shaida ta farko.

## 8. Miƙawa

Kai ta a takarda, kwafi ɗaya ga kowane ɗan kwamiti, da shafukan gwajin a maƙale, kwana biyu ko uku kafin zama. Rubuta sunan samfuri da girmansa da fensir a bayan kowane shafi. Idan sai an tura ta waya, tura PDF, kada ka tura fayil ɗin Word ko na CorelDRAW, domin na'urar da ba ta da samfurin za ta musanya shi da wani, su yi ta muhawara a kan haruffan da ba naka ba. Hoton fuskar kwamfuta ma ba ya aiki, WhatsApp yana matse hoto gefen haruffa ya dushe. Tura PDF ɗin a matsayin Document.

Idan wani ya ce a ƙara girman rubutu, kada ka yi musu a tsaye. Ka ce za ka gwada 11 pt ka faɗa musu ko yana nan a shafi 16, ka dawo da amsa a takarda. Idan wani ya kawo sunan samfurin da yake so, sa masa layin gwaji na mataki na 2 a gabansa. Wani lokaci samfurin nasa yakan ci gwajin, kuma idan ya ci, ya cancanci a buga shi a gwada kamar sauran.

## 9. Bayan an amince

Nemi amincewar a rubuce, ko a cikin bayanan zaman ko sa hannun shugaba da kwanan wata a kan shafin gwajin, ka ajiye. Haɗa jaka ɗaya mai ɗauke da fayilolin samfuran uku da takardar lasisinsu, ka ba ofishin makaranta, ka sa su a kwamfutar sakatare da kanka ka buɗe jadawalin a gabansa.

Wajen kai wa maɗaba'a, fitar da PDF da samfuran a cikinsa. Don tabbatarwa, buɗe shi a Acrobat ka danna Ctrl+D, ka shiga Fonts: kowane suna ya kasance da Embedded ko Embedded Subset a gefensa, kuma kada ka ga sunan da ba ka sa ba, domin baƙon suna alama ce ta harafin aro da ya ɓuya a wani wuri. Idan maɗaba'ar ta ce sai fayil ɗin CorelDRAW, yi kwafi na biyu, zaɓi dukkan rubutu ka danna Ctrl+Q ya koma zane, ka ba su wannan. Na asali mai gyaruwa ya zauna a wurinka, domin rubutun da ya koma zane ba ya sake gyaruwa, kuma kwafin da za a tura wa iyaye ta waya daga na asalin za a fitar da shi don su iya kwafe lambar asusu. Baƙin rubutun jiki ya zama baƙi zalla, C0 M0 Y0 K100, ba haɗin launi huɗu ba, in ba haka ba ƙananan haruffa za su fito da inuwa.

Kafin a saki injin a kan kwafi 500, karɓi kwafin gwaji na maɗaba'a ka ajiye shi gefe da shafin da shugaba ya sa wa hannu. Dubi Ƙ a kanu, dubi ɗ a rubutu mai karkata, bi jadawalin kuɗi layi-layi da na ma'aji, ka sake kai wa malamin Larabci nasa layukan ya karanta a wannan kwafin.